Kwamfutar da ta makance bayan an sauya mata mabuɗan Secure Boot

Kwamfutar tebur ce ta aiki mai nauyi, mallakar wani injiniyan manhaja da muke aiki tare. Furosesanta ba shi da sashen hoto a cikinsa, don haka duk abin da ke bayyana a sikirin ta katin hoto na daban yake fitowa. Akwai kuma katin netwok mai sauri da aka ƙara mata. Linux ne kaɗai a kanta, tana tashi ta systemd-boot, faifanta a kulle da LUKS, kuma TPM, ƙwayar tsaron da ke riƙe da mabuɗin faifan, shi ke buɗe shi da kansa a duk tashi, bisa sharaɗin PCR 7, wato lambar da ke nuna halin da Secure Boot yake ciki. Burin mai ita a fili yake: kada wata manhaja ta tayar da kwamfutar sai wadda shi da kansa ya sa wa hannu.

Burin yana da tushe. Kwamfutar da ta fito daga masana'anta ta amince da kusan duk abin da Microsoft ta sa wa hannu, ciki har da tsofaffin manhajojin tayarwa da daga baya aka gano suna da ɓaraka, kamar yadda aka gani a matsalar BootHole ta 2020 da BlackLotus ta 2023. A 2024 kuma masu bincike sun bayyana abin da aka kira PKfail, inda aka tarar da ɗaruruwan samfurori an sayar da su da mabuɗin gwaji a matsayin babban mabuɗinsu, alhali sirrin ɗaya daga cikin irin waɗannan mabuɗan ya riga ya fita waje. Wanda ya san wannan, ya ce yana son mabuɗinsa a hannunsa, ba za a ce ya yi zurfin tsoro ba.

UEFI, manhajar madabod da ke fara tashi kafin Linux, shi ke duba sa hannun duk abin da zai loda, kuma wannan dubawa ita ce Secure Boot. Abubuwa huɗu yake ajiyewa don wannan aiki, kuma duk labarin a kansu yake tafiya. PK shi ne na ƙoli, guda ɗaya tak, mai shi ne mai kwamfutar a idon UEFI, kuma da shi ake amincewa da sauya KEK. KEK shi ke da ikon sauya jeri biyu na ƙasa. Jerin db na ɗauke da satifiket da lambobin SHA-256 na abubuwan da aka yarda su tashi, jerin dbx kuma na waɗanda aka haramta, kuma haramci ke rinjaye idan abu ya fito a duka biyun. Idan aka goge PK, kwamfutar ta shiga Setup Mode: ta daina duba sa hannu, kuma ana iya rubuta sababbin mabuɗai daga cikin Linux. Da zarar an rubuta sabon PK, ƙofar ta rufe, ta koma User Mode.

Abin da ya yi kafin ta makance

Ya fara da abin da ya kamata, wato ajiye kwafin mabuɗan masana'anta tun ba a taɓa komai ba:

```
for v in PK KEK db dbx; do
  efi-readvar -v $v -o old_$v.esl
done
```

Daga nan ya shiga saitunan UEFI ya zaɓi goge mabuɗan Secure Boot, ya bar shi kansa Secure Boot a kunne. Da kwamfutar ta tashi, TPM ya ƙi buɗe faifan, domin PCR 7 yana auna abin da ke cikin PK da KEK da db da dbx, kuma sun sauya. Ya san za a yi haka, ya rubuta kalmar sirrin LUKS ya wuce. Ya ƙirƙiri mabuɗansa da `sbctl create-keys`, ya sa hannu a kan systemd-boot da kan fayil ɗin kanel ɗinsa, wanda ya haɗe kanel da umarnin tashi da initramfs, wato ƙaramin tsarin farko da ke buɗe faifai, a fayil guda. `sbctl verify` ya nuna komai na da sa hannu.

A matakin ƙarshe ne abu ya karkace. Da ya ba da umarnin `sbctl enroll-keys`, manhajar ta ƙi, ta ce ta ga Option ROM a hanyar tashin kwamfutar, ta kuma nuna masa zaɓuɓɓuka: ya haɗa da satifiket na Microsoft, ko ya haɗa da lambobin da ke cikin rajistar TPM, ko ya tilasta. A tunaninsa gargaɗin na masu Windows ne da masu wasu kwamfutocin cinya, shi kuwa kawar da Microsoft ne ma dalilin aikin gaba ɗaya. Sai ya tilasta:

```
sbctl enroll-keys --yes-this-might-brick-my-machine
```

Ya sake tayar da ita. Fankoki suka juya, fitilu suka kama, sikirin ya tsaya baƙi ƙirin. Babu tambarin masana'anta, babu rubutun kuskure, danna Del ko F2 bai fito da komai ba.

Dalilin da ya sa hoton ya ɗauke

Katin hoto ba ƙarfe ne kawai ba. A cikinsa akwai ƙaramar ƙwayar ajiya mai ɗauke da manhaja, ita ce Option ROM, kuma a cikinta akwai direban GOP wanda UEFI ke lodawa don ya iya rubuta wani abu a sikirin kafin Linux ya tashi. A idon Secure Boot wannan direban manhaja ce kamar kowace: sai an duba sa hannunsa an ga ya dace da wani abu a db. Kusan duk katunan hoto da ke kasuwa da satifiket ɗin Microsoft Corporation UEFI CA 2011 aka sa wa direbansu hannu, wato satifiket ɗin da Microsoft ta daɗe tana amfani da shi ga manhajojin wasu kamfanoni, wanda shi ne kuma ke kan shim, ƙaramar manhajar tayarwa ta rabe-raben Linux. Mai kwamfutar ya cire shi daga db don ya toshe shim ɗin wasu, bai san ya haɗa da katin hotonsa ba. UEFI ya duba direban, bai ga wanda ya tsaya masa ba, ya ƙi loda shi. To da me zai nuna maka cewa ya ƙi? Kayan nunin ne aka hana tashi.

Wannan ne ya bambanta matsalar da sauran matsalolin Secure Boot. Idan kanel ne ba shi da sa hannu, za ka ga rubutu, ka shiga saituna ka kashe Secure Boot, cikin ɗan lokaci ka gyara. A nan kuwa saitunan da za ka gyara da su suna nan daram, amma ba ka ganinsu.

Kafin ya kira ni ya gwada abubuwa biyu, kuma duka biyun ba su yi ba. Ya cire batirin madabod don goge CMOS. Agogo ya koma baya, amma mabuɗan ba su motsa ba, domin ba a ajiyar da batirin ke riƙewa suke ba. Suna cikin NVRAM, wani yanki na ƙwayar da ke ɗauke da UEFI ɗin kansa, wadda ba ta buƙatar wuta don ta riƙe abin da aka rubuta mata. Akwai madabod da goge CMOS ke mayar da Secure Boot a kashe ko ya dawo da mabuɗan masana'anta, don haka gwadawar ba laifi ba ce, amma ba abin dogaro ba ne, kuma tasa ba ta cikin waɗannan. Sai ya aro wani katin hoto ya sa. Shi ma baƙi, domin sa hannun da ke kansa daga satifiket ɗin da aka cire ya fito. Ko kati goma zai aro, amsar ɗaya ce.

Gano cewa ba ta mutu ba

Da na zo, tambayar da na fara yi ita ce ko kwamfutar tana tsayawa ne a UEFI, ko tana wucewa ba tare da hoto ba. Madabod sun kasu biyu a wannan hali. Wasu idan ba su sami abin nuni ba sai su tsaya cak, fitilar VGA ta kama ko su yi ƙara. Wasu kuma su ci gaba da tashi kamar ba abin da ya faru. Alamomin ba su da wuyar karantawa. Muka kunna ta muka zuba wa fitilun madabod ido: ta CPU ta wuce, ta DRAM ta wuce, ta VGA ta ɗan jima sannan ta mutu, ta BOOT ma ta mutu. Fitilar faifai ta ƙifta na ɗan lokaci ta yi shiru. Na danna Num Lock, fitilarsa ta amsa, na sake dannawa ta mutu. Na aika mata `ping` daga wata kwamfutar, babu amsa.

Na ce masa, “Injiniya, kwamfutarka ba ta mutu ba. Tana tsaye ne tana jiran ka ba ta kalmar sirri.”

Ya ce, “Malam, ai TPM ne ke buɗe ta.”

Sai ya tsaya, domin ya tuna da kansa. PCR 7 ya sake sauyawa da shigar sababbin mabuɗan, TPM ba zai saki komai ba. Sa hannun da ya yi wa systemd-boot da kanel daidai ne, don haka UEFI ya yarda da su, kanel ya tashi, initramfs ya kai wurin buɗe faifai ya tsaya yana tambaya a kan sikirin da ba ya nuna komai. Netwok bai tashi ba saboda saitinsa na cikin faifan da ke kulle. Direban katin hoto na Linux shi ma a can yake, ba a sa shi cikin initramfs ba.

Muka kashe ta muka sake kunnawa, muka jira fitilar faifai ta lafa, muka ƙara ɗan jinkiri, ya rubuta kalmar sirrin a hankali ya danna Enter. Abu ɗaya da ya kamata a kula da shi a nan shi ne tsarin kibod: idan initramfs na amfani da wani tsari daban da wanda ka saba, alamomi irin su `@` da `#` za su sauya wuri, kuma ba ka da idon ganin ka yi kuskure. Fitilar faifai ta shiga ƙiftawa ba tsayawa. Jim kaɗan `ping` ya fara amsawa, sannan sikirin ya haskaka da shafin shiga, domin direban Linux ya tayar da katin da kansa ba tare da taimakon GOP ba. Ba kowane kati ne ke yin haka ba. Amma ko da ya tsaya baƙi, SSH ya ishe mu, kuma wannan dalili ne mai ƙarfi na kunna SSH kafin a taɓa mabuɗai.

Gyara daga ciki

Ga abin da mutane ke mantawa cikin firgici: wanda ya sa nasa PK da KEK bai rasa iko ba, shi ne ma ya karɓe shi. UEFI a User Mode yana karɓar sauyi daga cikin Linux muddin an sa masa hannu da mabuɗin da ya dace, kuma mabuɗan sirrin suna nan a `/var/lib/sbctl/keys` a cikin faifan da muka buɗe. A tsofaffin sigogin sbctl suna `/usr/share/secureboot`.

Hanya biyu muke da su. Ta farko, a mayar da tsohon jerin db a kan sabon, da sa hannun KEK:

```
K=/var/lib/sbctl/keys/KEK
sign-efi-sig-list -a -k $K/KEK.key -c $K/KEK.pem db old_db.esl add.auth
chattr -i /sys/firmware/efi/efivars/db-*
efi-updatevar -a -f add.auth db
```

Wannan zai dawo da hoto a tashi na gaba ba tare da an bar User Mode ba. Umarnin `chattr -i` na nan ne saboda kanel yana kulle fayilolin efivars don kada a goge su bisa kuskure, kuma in ba a cire kullen ba rubutun zai gaza da `Operation not permitted`. Hanya ta biyu ita ce `sbctl reset`, wanda ke goge PK da sa hannun PK ɗin kansa, kwamfutar ta koma Setup Mode. Ta biyun muka bi, saboda muna son tashi ɗaya mai tsabta wanda UEFI zai loda duk Option ROM da ke cikin kwamfutar ya rubuta su a rajistar TPM. Rajistar tashin da muke ciki ba ta da amfani ga wannan, tunda direban da aka ƙi lodawa ba lallai ne ya bayyana a cikinta ba. Wanda ya ɗauki lambobi daga irin wannan rajistar zai iya sake makantar da kwamfutarsa.

Muka sake tayarwa, tambarin masana'anta ya fito. Bayan shiga muka duba:

```
tpm2_eventlog /sys/kernel/security/tpm0/binary_bios_measurements \
  | grep -c EV_EFI_BOOT_SERVICES_DRIVER
```

Amsar biyu ce: katin hoto da katin netwok. Na netwok ɗin shi ma an ƙi loda shi a tashin da ya gabata, amma ba mu lura ba, domin aikin Option ROM ɗinsa tayar da kwamfuta ta netwok ne kawai, Linux kuwa na da nasa direban. Da a ce katin haɗa faifai ne wanda faifan tashi ke bayansa, da labarin ya fi haka muni, domin UEFI ba zai ga faifan ba balle ya loda kanel, kuma rubuta kalmar sirri a makance ba zai yi komai ba. Wannan umarni na layi biyu shi ne binciken da ya kamata a yi kafin komai. Idan ya ba da sifili, hanyar cire Microsoft gaba ɗaya a buɗe take, ko da yake wasu kwamfutocin cinya na da direbobin cikin gida da ke dogara da satifiket na masana'anta, shi ya sa sbctl ke da zaɓin `--firmware-builtin`. Idan ya ba da ɗaya ko fiye, akwai abin da ke buƙatar izini a db.

Mun gano wani abu kuma da ba mu nema ba. `efi-readvar -v dbx` ya nuna jerin haramci babu komai a ciki. Zaɓin da ya danna a saitunan UEFI ya goge duka huɗun ne, ba PK kaɗai ba, kuma sbctl ba ya cika dbx. Da mun dawo da satifiket na Microsoft a haka, da kwamfutar ta koma amincewa da duk tsofaffin manhajojin da aka haramta cikin shekaru, wato ta fi yadda ta fito daga masana'anta rauni. Tun muna Setup Mode muka mayar da shi daga kwafin da ya ajiye:

```
efi-updatevar -e -f old_dbx.esl dbx
```

Zaɓin da ya rage

A nan muka daɗe muna magana, domin a nan ainihin shawarar take. Katin hoto dole ya sami izini, kuma hanyoyin biyu ne.

Da `sbctl enroll-keys --microsoft`, PK ya zama naka, KEK da db kuma su ƙunshi naka da na Microsoft tare. Kowane kati zai yi aiki, filash ɗin ceto na yawancin rabe-raben Linux zai tashi, sabuntawar dbx da ke zuwa ta fwupd za ta ci gaba da shiga tunda KEK na Microsoft na nan. Abin da ka bayar shi ne rabin burin: duk shim mai sa hannu wanda ba a haramta ba zai iya tayar da kwamfutarka. Sai dai faifan ba ya buɗuwa da wannan kaɗai, domin PCR 7 yana rubuta har da satifiket ɗin da ya amince da abin da aka loda, kuma tashi ta shim ɗin wani ba zai ba da lamba ɗaya da tashi ta kanel mai sa hannunka ba.

Da `sbctl enroll-keys --tpm-eventlog` kuwa, ba satifiket ake sa wa a db ba, lambobin SHA-256 na direbobin nan biyu ne kawai. Izinin ya taƙaitu ga waɗannan fayiloli biyu, ba ga duk abin da Microsoft ta taɓa sa wa hannu ba. Wannan shi ne burin injiniyan cif. Tsadarsa ita ce lambar na ɗaure da fayil ɗin harafi da harafi. Ranar da ka sauya katin hoto, ko ka sabunta manhajar cikinsa, lambar ta sauya, sikirin ya koma baƙi. Idan katin ya lalace ne kwatsam ka sa sabo, ba ka da damar shiri, sai hanyar makance. Masu sbctl ɗin ma sun bayyana wannan zaɓi a matsayin na gwaji. Sabuntawar dbx daga Microsoft ita ma za ta daina shiga sai ka sake sa mata hannu da KEK ɗinka, ko da yake wannan bai da nauyi sosai idan babu satifiket nata a db tun farko.

Microsoft da kanta ta raba wannan damuwa biyu a sababbin satifiket na 2023, waɗanda ke maye gurbin na 2011 da wa'adinsu ke cika a 2026: akwai Microsoft UEFI CA 2023 na manhajojin tayarwa, akwai Microsoft Option ROM UEFI CA 2023 na katuna kaɗai. Tsari ne mai kyau, domin mutum zai iya yarda da katuna ba tare da ya yarda da shim ba. Amma ba ya taimakon katin da aka riga aka sa wa hannu da na 2011, kuma nasa irin wannan ne.

Ni shawarata ga kwamfutar da ba ta da hanyar hoto ta biyu ita ce a bar satifiket na Microsoft. Haɗarin wani ya zo da filash ya tayar da shim ya fi ƙanƙanta, a wurin yawancin mutane, a kan haɗarin rasa kwamfutar aiki ranar da kati ya mutu, musamman da faifan ke kulle. Shi ya ga akasin haka, kuma hujjarsa ta tsaya: mun riga mun tabbatar cewa madabod ɗinsa na wucewa ba tare da hoto ba, mun san kalmar sirri a makance na aiki, don haka mafi munin abin da zai faru mun riga mun bi ta cikinsa mun fito. Na yarda, da sharaɗin ya rubuta a takarda ya manna a cikin murfin kwamfutar cewa kafin a taɓa kowane kati ko a sabunta manhajarsa, a fara `sbctl reset`. Muka kuma sa direban katin hoto a cikin initramfs, don ko UEFI ya makance a ga tambayar kalmar sirri.

Ya ba da umarnin `sbctl enroll-keys --tpm-eventlog`, muka sake tayarwa, tambari ya fito, `sbctl status` ya nuna Secure Boot a kunne, Setup Mode a kashe. Sai a lokacin, ba kafin nan ba, muka sake ɗaure faifan da TPM, tunda PCR 7 ya zauna a lambarsa ta ƙarshe:

```
systemd-cryptenroll --wipe-slot=tpm2 --tpm2-device=auto \
  --tpm2-pcrs=7 /dev/nvme0n1p2
```

Ga mai Windows a gefe, daidai wannan matsalar ce ke fitowa da sunan BitLocker, kuma abin da zai nema shi ne mabuɗin ceto mai lambobi 48. A nemo shi a rubuta kafin a fara, a kuma san cewa Windows ba zai tashi ba idan babu satifiket ɗinsa a db.

Da a ce ta tsaya a UEFI

Sa'ar wannan lamari ita ce madabod ɗin ya wuce. Da ya tsaya a fitilar VGA, Linux ba zai tashi ba, mabuɗan sirrin da ke faifai ba za su amfana ba. Sai a koma neman ido ta wata hanya. Idan furosesa na da sashen hoto, a cire katin a haɗa sikirin da madabod kai tsaye, domin direban wannan sashen yana cikin UEFI ɗin kansa, ba ya bi ta db. Aron furosesa mai sashen hoto wanda ya dace da madabod ɗin ma hanya ce. Manyan kwamfutocin aiki da yawa na da BMC, wato ƙwayar sarrafa kwamfuta daga nesa, ko tashar siriyal da ke nuna saituna daga nesa. Da an ga saituna, a zaɓi Restore Factory Keys ko makamancinsa, wanda ke dawo da mabuɗan daga kwafin da masana'anta suka ajiye a PKDefault da KEKDefault da dbDefault. In babu ko ɗaya, wasu madabod na da maɓallin sake rubuta UEFI daga filash ba tare da sikirin ba, kuma a da yawa cikinsu wannan na share NVRAM. Matakin ƙarshe shi ne na'urar rubuta ƙwayar SPI da `flashrom`. Wanda zai yi wannan ya fara karanta ƙwayar sau biyu ya tabbatar kwafin biyu sun zo ɗaya, ya kuma duba ko ƙwayar ta bolt 3.3 ce ko ta 1.8, domin wutar da ta wuce kima na ƙona ta, rubuta fayil ɗin da aka sauko da shi a kan komai kuma na iya shafe lambar siriyal da adireshin MAC na madabod. Danna maɓallai a makance cikin saitunan UEFI ba na ba da shawararsa, don kuskure ɗaya zai iya sauya abin da ba ka san ka sauya ba.

Abin da ya biyo baya

Bayan wani lokaci kwamfutar ta sake ƙin tashi, amma wannan karon da rubutu a sikirin cewa an keta ƙa'idar tsaro. Sabuntawar systemd ce ta kwafe sabon systemd-boot marar sa hannu a kan wanda aka sa wa hannu a ESP, sashen faifan da ke ɗauke da manhajojin tayarwa. Ya shiga saituna ya kashe Secure Boot, ya rubuta kalmar sirrin LUKS, `sbctl verify` ya nuna fayiloli biyu marasa sa hannu, `EFI/systemd/systemd-bootx64.efi` da `EFI/BOOT/BOOTX64.EFI`. Maganin na dindindin shi ne a sa hannu a kan asalin fayil ɗin, tunda `bootctl` na fifita mai ƙarshen `.signed` idan ya same shi:

```
B=/usr/lib/systemd/boot/efi/systemd-bootx64.efi
sbctl sign -s -o $B.signed $B
bootctl install
```

Harafin `-s` shi ke sa sbctl ya tuna da fayil ɗin don a sake sa masa hannu bayan kowace sabuntawa, kuma ya kamata a tabbatar manajan fakiti na kiran `sbctl sign-all` da gaske. Da ya mayar da Secure Boot a kunne, PCR 7 ya dawo lambarsa, TPM ya buɗe faifan ba tare da an sake ɗaure shi ba.

Wannan karo na biyu ya fito da abubuwa uku da suka rage a aikin. Sauƙin da ya samu wurin kashe Secure Boot, duk wanda ya zauna gaban kwamfutar zai same shi, don haka ya sa wa saitunan UEFI kalmar sirri. Filash ɗin ceto da yake da shi ba ya tashi yanzu saboda shim ɗinsa na Microsoft ne, sai ya haɗa nasa ya sa masa hannu da mabuɗin db. Na ukun shi ne mazaunin mabuɗan sirri. Mabuɗin db dole ya zauna a kwamfutar don sa wa sababbin kanel hannu, amma PK da KEK ba a buƙatarsu kullum, kuma duk wanda ya sami ikon root ya same su a faifai zai iya sake rubuta amincin kwamfutar gaba ɗaya. Sai dai su ne suka cece mu a karon farko saboda suna kusa. Ya kwashe su zuwa filash biyu masu kulle, tare da fayilolin `old_*.esl` guda huɗu, ya ajiye ɗaya a kusa ɗaya a wani wuri, sannan ya gwada buɗe kowanne ta SSH ya mayar da mabuɗan mazauninsu, don ya tabbatar zai iya yin `sbctl reset` ko da sikirin ba ya nuna komai.